Yadda Kwamfuta Ke Gane Laushi da Kaushi a Hoto

Kwamfuta ba ta da hannun da za ta shafa hoto, lambobi kawai take gani. To ta yaya za ta bambanta gona da daji a hoton tauraron ɗan Adam? A 1973 Haralick, Shanmugam da Dinstein suka kawo dabara: a daina duban kowane ɗigo shi kaɗai, a duba wa ke zaune kusa da wa.

Ga ɗan ƙaramin hoto mai matakan haske huɗu, 0 baƙi ƙirin, 3 fari fat:

```
0 0 1 1
0 1 1 2
1 2 2 3
2 3 3 3
```

Za mu haɗa kowane ɗigo da maƙwabcinsa na dama. Kowane layi na ba da haɗi uku, jimla 12. Sai a zana jadawali mai layi huɗu da shafi huɗu, layi na ɗigon hagu, shafi na maƙwabcinsa. Sau biyu 1 ta biyo bayan 0, don haka aka rubuta 2 a mahaɗarsu:

```
1 2 0 0
0 2 2 0
0 0 1 2
0 0 0 2
```

Wannan jadawali shi manhajoji ke kira GLCM. Dubi yadda lambobin suka taru a layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Alamar laushi ke nan: maƙwabta sun yi kama.

Ana iya dunƙule shi ya zama lamba ɗaya, wato `contrast`. A ɗauki tazarar hasken kowane haɗi, a ninka ta da kanta, a tara, a raba da 12. Haɗi shida ba su da tazara, shida tazararsu ɗaya ce, sakamako 0.5.

Yanzu a yamutsa waɗannan ɗigogi ba tare da an canza ko ɗaya ba:

```
0 3 0 3
3 1 3 0
1 2 1 2
2 1 2 1
```

Jimlar ta tashi 50, a raba da 12, kusan 4.2. Wanda ya ƙirga yawan baƙi da fari kawai zai rantse hoto ɗaya ne.

Sai dai dabarar na da tarko, kuma a ganina nan aka fi faɗawa. A ce kowane layi 0 3 0 3 ne, kamar ratsin saƙi. In ka duba dama za ka samu 9, kaushi iya kaushi. In ka duba ƙasa, sifili. Ko a daman ma, ka tsallake ɗigo ɗaya, sifili ne. Shi ya sa ake lissafa fuska huɗu, digiri 0, 45, 90 da 135, sannan a kwatanta. In sun sha bamban sosai, hoton mai ratsi ne.

Hoton gaske kuwa yakan zo da matakai 256, jadawalinsa gida 65,536, mafi yawansu fanko in yankin da ake aunawa ƙarami ne. Don haka akan rage matakan zuwa 8 ko 16 tukuna, kuma ba a kwatanta hotuna biyu sai an rage su iri ɗaya.