Daga ina ruwan gudawa yake fitowa?

Idan damina ta kankama, ambaliya ta haɗa masai da rijiya, asibitoci a Kano, Maiduguri da Maraɗi sukan cika da masu amai da gudawa. Abin da yake ɗaure wa masu jinya kai shi ne yawan ruwan. Mutum bai sha ko kofi biyu ba tun safe, amma ya cika bokiti. Ruwan nan daga jininsa yake fitowa, kuma nan hatsarin yake.

A kowace rana, kimanin lita tara na ruwa ne ke bi ta hanjin babban mutum mai lafiya. Wajen lita biyu ne kawai daga abin da ya ci ya sha. Sauran jiki ne yake zubo su domin narka abinci: miyau, ruwan tumbi, ruwan matsarmama da makamantansu. Ƙaramin hanji yana tsotse mafi yawa ya mayar cikin jini, ya miƙa wa babban hanji kamar lita ɗaya da rabi. Shi kuma ya tsotse kusan duka, abin da ke fita tare da bayan gida bai kai kofi ɗaya ba.

Ƙwayar kwalara wannan lissafi take birkitawa. Idan mutum ya sha ta da yawa a gurɓataccen ruwa, wasu sukan tsallake tsamin tumbi su isa ƙaramin hanji, su manne a bangonsa su hayayyafa. Ba sa huda hanjin, ba sa shiga jini. Dafi suke fitarwa, dafin kuma ya tilasta wa bangon hanji ya riƙa turo gishiri cikin hanji ba tsayawa, maimakon ya tsotse shi. Duk inda gishiri ya nufa, ruwa yana binsa. Babban hanji iyakar abin da zai iya tsotsewa a rana lita huɗu zuwa biyar ne, alhali mai kwalara mai tsanani yakan zubar da kusan lita ɗaya a awa guda. Shi ya sa bayan gidan yake fitowa fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa ba jini ba zazzaɓi. Idan aka ga jini da majina da zafin jiki, wannan atini ne, ƙwayar da ta raunata bangon hanji ce, kuma maganinta daban.

Lokaci ma yana ba da haske. Kwalara takan ɗauki awa 12 zuwa kwana biyar kafin ta bayyana, domin sai ƙwayar ta yi yawa. Amma shinkafa ko nama da suka wuni a zafi, dafin ya riga ya taru a cikinsu, don haka amai yakan taso cikin awa ɗaya zuwa shida.

To, yaya hanji yake fitar da abin da ke cikinsa? Bangonsa tsoka ce mai matsewa bi da bi tana tura kaya gaba. Idan ruwa ya cika shi ya buɗa, jijiyoyinsa sai su ƙara saurin matsewar, wato murɗawar ciki da ƙugin da ake ji. Da kayan sun isa dubura suka buɗa ta, tsokar ciki mai tsare ƙofa takan saki da kanta, ba da izinin mutum ba. Ta waje ce kaɗai yake iya matsewa, ita kuwa riƙe ruwa yana yi mata wuya fiye da riƙe abu mai kauri. Wanda gudawa ta kufce masa kafin ya kai bayi, bai kamata a kunyata shi ba.

Kuskure mafi muni shi ne hana mara lafiya shan ruwa wai don gudawar ta tsaya. Dafin bai taɓa wata hanya ɗaya ba, wadda sukari yake shiga jini tare da gishiri, ruwa ya bi su. A 1971, likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da wannan a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya lokacin da ruwan ƙari ya ƙare, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi huɗu. Idan babu ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari, shafaffu, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, jariri kuma a ci gaba da ba shi nono. Idan idanu suka faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana komai zama, sai a garzaya asibiti a yi masa ƙarin ruwa ta jijiya.