Sarrafa Lokaci a Ranar Raba Kyaututtuka: Aikin Mai Gabatarwa

1.0 Gabatarwa

Ranar raba kyaututtuka taro ne da makaranta kan shirya a ƙarshen shekarar karatu domin karrama ɗaliban da suka yi fice, a gaban iyayensu da manyan baƙi. Sau da yawa malamin Hausa ake ɗora wa nauyin gabatar da wannan taro, bisa zaton cewa shi ne gwanin magana. Amma iya magana kaɗai ba ya fitar da mai gabatarwa kunya. Bahaushe ya san sanƙira a wajen ɗaurin aure da zanen suna, wanda ribarsa tana cikin tsawaita kirari da zuga. Mai gabatarwa kuwa riƙon agogon jama'a aka ba shi, don haka gwanintarsa tana cikin taƙaitawa. Wannan babi zai dubi yadda yake lissafin lokaci, da gabatar da baƙi, da sada wani sashe na taro da wani, tare da misali daga yankin Funtuwa da Malumfashi a kudancin Jihar Katsina.

2.0 Abubuwan da Suke Iyakance Lokaci

Zangon karatu na uku kan ƙare ne wajajen watan Yuli, wato tsakiyar damina. A wannan yanki na noman masara da auduga da dawa, lokacin nan ne na noma da zuba taki. Uban da ya taso daga wani ƙauye na Bakori ko Ƙafur ya baro gona ne da 'yan ƙodago a cikinta, kuma hankalinsa yana can. Ga kuma hadari da kan taso da rana ko da yamma, alhali galibin irin wannan taro a fili ake yin sa, ƙarƙashin rumfuna. Sannan ga sallar Azahar: da zarar ladan ya yi kira, rumfa za ta fara watsewa, kuma wanda ya fita ba lallai ne ya dawo ba. Ke nan, taron da aka sa wa ƙarfe 10:00 na safe yana da sa'o'i uku ne kacal, wato minti 180, kafin ƙarfe 1:00. Daga wannan iyaka ta ƙarshe mai gabatarwa yake fara lissafi, ya yo baya.

3.0 Lissafin Lokaci

A ɗauka wata makarantar sakandare ce ta jeka-ka-dawo mai azuzuwa shida, uku na ƙaramar sakandare, uku na babba. Za a ba na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji, kyauta 18 ke nan. Akwai darussa tara da za a karrama gwanin kowannensu a ɓangarorin biyu, wata 18 ke nan. Sai kyaututtuka tara na musamman, kamar na ladabi da tsafta da zuwa makaranta a kan kari da wasanni. Jimla 45.

Idan aka bar kowane ɗalibi a mazauninsa sai an kira shi, zai miƙe, ya ratso kujeru, ya iso gaba, ya rusuna, ya karɓa, ya tsaya a ɗauki hoto, sannan a kira na gaba. Wannan ba ya kasa minti ɗaya da rabi. Idan aka ninka shi sau 45, an cinye fiye da sa'a ɗaya da minti bakwai. Amma idan tun kafin a fara an jera masu karɓa a gefen rumfa bisa tsarin da sunayensu suke a takarda, da malami ɗaya a kan layi, wani kuma a teburin kyaututtuka yana miƙa wa baƙo, to daƙiƙa 30 ta ishi kowane ɗalibi. Duka ba zai wuce minti 23 ba. In aka ƙara mintin da kan tafi wajen sauya baƙon da zai miƙa kyauta, sau biyar ko shida, an tashi a wajen minti 30. Bambancin da ke tsakanin tsarin biyu ya haura rabin sa'a, ba tare da an tauye wa kowane yaro haƙƙinsa ba.

Sauran jadawalin sai a gina shi a kan wannan. Addu'ar buɗewa da taken ƙasa da gabatar da baƙi, minti 15. Jawabin shugaban taro, minti 5. Rahoton shugaban makaranta, minti 20, babban baƙo mai jawabi shi ma 20. Wasannin ɗalibai, kamar muhawara ko gajeren wasan kwaikwayo, minti 25. Raba kyaututtuka, 30. Saƙonnin fatan alheri, 15. Jawabin uban ƙasa, 10. Godiya da addu'ar rufewa, 10. An sami minti 150. Ragowar minti 30 ba rara ba ce da za a cusa wa wani sabon jawabi. Ita ce za ta shanye tasowar mai magana daga kujera, da gyaran lasifika, da mutuwar janareta, da maganar mai gabatarwa kansa. Jadawalin da ya cika minti 180 cif a takarda ya riga ya zarce lokaci tun ba a fara ba.

Abin da ya fi gwada mai gabatarwa shi ne jinkirin farawa. A ce babban baƙo bai iso ba sai 10:40. Saura minti 140, abin da aka shirya kuwa 150 ne, ban da lokacin sauyi. Dole a zaftare aƙalla minti 25. Mai gabatarwa ba ya yanke wannan hukunci shi kaɗai. Tun jajibere ya kamata ya zauna da shugaban makaranta su amince da abin da zai fara faɗuwa. Dabara ta farko ita ce a shigo da wasannin ɗalibai a lokacin jira, da izinin shugaban taro, sai a bar guda ɗaya na minti 10 domin baƙo ya gani. An ceto minti 15. Saƙonnin fatan alheri a mayar da su biyu, an ceto wajen minti 8. Shugaban makaranta ya karanta muhimman wurare na rahotonsa, tunda an buga shi an rarraba, an ceto 5. Abin da ba a taɓawa shi ne raba kyaututtuka. Babban kuskuren da aka fi gani shi ne a ajiye shi can ƙarshe, bayan duk jawabai, sai a wayi gari ana kiran sunan yaro ana ta sauri, mahaifinsa kuwa ya tafi masallaci. Shi ya sa a jadawalin da ke sama aka sa shi kafin saƙonnin fatan alheri.

4.0 Gabatar da Baƙi

A nan ilimin harshe da al'ada yake aiki. Kowane muƙami da lafazinsa. "Mai Martaba" na sarki ne. Hakimi "Mai Girma" ake ce masa, a ambaci sarautarsa kafin garin da yake riƙe da shi. Hakimin Malumfashi shi ne Galadiman Katsina, na Funtuwa kuma Sarkin Maska. Idan wakili aka turo, sai a ce "wakilin Mai Girma Galadiman Katsina", sannan a faɗi sarautar shi wakilin, kada a laƙaba masa wadda ba tasa ba, kada kuma a rage masa tasa. Jerin fifiko tsakanin jami'an gwamnati da masu sarauta kuwa ba a tsakiyar fili ake ƙirƙirar sa ba. A rubuta shi tun da wuri, shugaban makaranta ya duba.

Cikakken jerin baƙi sau ɗaya ake karanta shi. Daga nan mai gabatarwa ya wadatu da "shugaban taro, manyan baƙi, iyaye da ɗalibai". Idan mutum takwas za su yi magana, kowa ya maimaita jerin na minti biyu, minti 16 sun salwanta a gaisuwa kawai. Yana da kyau a sanar da masu jawabi a asirce cewa an riga an gaishe da kowa a madadinsu.

Gabatar da mai jawabi kuma jimla uku ta isa: wane ne shi, mece ce alaƙarsa da makarantar, me zai yi magana a kai. Sunansa ya zo a ƙarshe, domin shi ne ke janyo tafi, tafin kuma ya rako shi zuwa wajen magana. Karanta tarihin baƙo tun daga firamare cin lokacinsa ne. Baƙon da ya iso a makare ba a katse mai magana dominsa. A zaunar da shi, a ambace shi a sauyi na gaba.

Sunayen ɗalibai ma suna buƙatar shiri. Takardar da aka buga sau da yawa ba ta nuna ɓ da ɗ da ƙ, rubutun yau da kullum kuma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Haka nan aji ɗaya kan tara A'isha uku. Saboda haka mai gabatarwa ya bi sunayen da baki tare da malaman aji, ya riƙa faɗin aji da irin kyautar kafin suna.

5.0 Sauyi da Tsayar da Mai Magana

Sauyi shi ne 'yar maganar da ke rufe sashe ta buɗe wani. Ba ta wuce daƙiƙa 30. Alal misali: "Muna godiya ga shugaban makaranta. Ya ambaci ƙoƙarin ɗalibanmu a fannin kimiyya; yanzu za mu ga waɗanda suka yi wannan ƙoƙari. Muna roƙon shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai ya taso." An yi godiya, an ɗauko zare ɗaya daga abin da ya gabata, an kira na gaba. Mai gabatarwar da kan sake fassara jawabin da jama'a suka gama saurara yanzun nan ya mai da kansa baƙo mai jawabi na biyu. Karin magana ɗaya a inda ta dace tana ƙara armashi, amma a kowane sauyi gundura take jawowa. Kuma yayin da wani sashe ke gudana, idonsa na kan na gaba: 'yan wasa sun sa kaya? An gwada na'urar da za ta sa taken ƙasa? Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin a watan Mayu na 2024 aka dawo da taken da Nijeriya ta yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, kuma wanda aka daina yana nan a wayoyin mutane.

Tsayar da wanda ya zarce lokaci shi ne mafi wuya, don al'ada ba ta yarda ƙarami ya katse babba ba. Maganin yana farawa ne daga takardar gayyata, inda za a rubuta wa kowa mintocinsa. A wajen kira kuma a faɗa cikin ladabi: "zai yi mana nasiha a cikin minti uku." Idan ya zarce, mai gabatarwa ya miƙe ya tsaya a inda mai magana zai gan shi. In hakan bai yi ba, a miƙa masa 'yar takarda, kuma ya fi kyau ta fito daga hannun shugaban taro, wanda yake da girman yin haka. Hakimi ko wakilinsa ba a miƙa masa takarda. Shi ya sa ake ajiye jawabinsa kusa da ƙarshe, bayan an gama da yara.

Akwai kuma abin da ba ya cikin jadawali amma kusan kullum sai ya faru: wani uba ko ɗan siyasa ya ji daɗi, ya miƙe zai ƙara wa ɗaliba kyauta, ya nemi a ba shi abin magana. Idan aka ba mutum ɗaya, biyar za su biyo baya. Abin da ya dace shi ne a ajiye malami da littafi a tebur na gefe, ya rubuta sunan mai bayarwa da abin da ya bayar da wanda aka ba, mai gabatarwa ya karanta su gaba ɗaya da zarar an miƙa kyauta ta 45.