Wasiƙa Zalla ko Mai Ado: Wacce Ke Isa Hannun Baƙo?

A ɗauka ga wani ɗan kasuwa a Kano da ke sarar busasshen zoɓo, yana neman masu saye a ƙasashen waje. Ya tara adireshin imel na kamfanoni 40 masu haɗa ganyen shayi a Jamus da Meziko, kuma babu wanda ya taɓa jin sunansa a cikinsu. Hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya rubuta wasiƙa zalla, haruffa kawai, ko kuma ya sa a tsara masa saƙo da HTML, wato harshen da ake gina shafukan intanet da shi: tambarin kamfani a sama, hotunan buhuna, launuka, da jan maɓalli da ke cewa a latsa nan. Yawancinmu na biyun za mu zaɓa, don muna ganin shi ne zai nuna cewa kamfani ya kai kamfani. A ganina, a saƙon farko zuwa ga baƙo, wannan kuskure ne.

Abu na farko shi ne, adon da ka gani a kwamfutarka ba lallai ne shi mai karɓa zai gani ba. Hotunan da ke cikin irin wannan saƙo galibi ba a jikinsa suke ba, a wata na'ura suke ajiye, sai an buɗe saƙon ake janyo su. Manhajar Outlook, wadda ofisoshi da yawa ke aiki da ita, takan hana hotunan saƙon baƙo fitowa har sai mai karatu ya ba da izini. Idan ɗan kasuwarmu ya zuba farashi da lambar wayarsa a cikin hoto, jami'ar saye a Hamburg za ta tarar da akwatuna fayau, ba rubutu. Gmail kuma yakan datse saƙon da rubutunsa na HTML ya haura kilobayit 102, ya bar alamar Message clipped, ƙarshen saƙon ya ɓuya sai an latsa.

Sai batun inda saƙon zai sauka. Tun 2013 Gmail ya raba akwatin saƙo gida-gida: Primary na wasiƙun mutane, Promotions na tallace-tallace. Saƙon da ya cika da hotuna da maɓallai ya fi kama da talla, don haka can aka fi tura shi. Shiga Promotions ba daidai yake da faɗawa Spam ba, amma mai neman amsa daga manajan da ba shi da lokaci bai ci riba ba idan wasiƙarsa ta kwanta cikin tallan takalma. Matatun da kamfanoni ke kafawa su ma suna duba siffar saƙo. SpamAssassin, wata tsohuwar matata da ake amfani da ita kyauta, maki take ba kowane abin zargi, kuma bisa tsarinta na asali idan makin ya kai 5 sai ta ce saƙon shara ne. Cikin abin da take ƙirgawa akwai saƙon da kusan duk hoto ne da 'yan kalmomi, da wanda ya zo da HTML kaɗai ba tare da kwafin rubutu zalla ba. Tun 1992 ƙa'idar MIME ta ba da damar a haɗa kwafi biyu a saƙo guda, zalla da mai ado, kuma rashin na farkon alama ce ta sakaci.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen amana. HTML yana ba da damar a rubuta wani abu a fili, a ɓoye wani a ƙasa:

```
<a href="https://danna.example.net/x7Q2">www.example.com</a>
```

Ido yana ganin adireshin kamfani, amma latsawa wani wuri za ta kai mutum. Kamfanonin aika saƙon talla suna yin haka ne don su ƙirga waɗanda suka latsa. Matsalar ita ce da wannan dabarar ce 'yan damfara ke satar kalmar sirrin banki, kuma an horar da ma'aikatan ofisoshi su ɗora linzami a kan rubutun su duba kafin su taɓa. Mu kuma da ke rubutu daga Najeriya mun san tabon da 'yan 419 suka bar mana. Ɗan kasuwa mai gaskiya yana fara magana ne da wanda ya riga ya ɗaura ɗamarar zargi. A rubutu zalla babu wurin ɓuya, adireshin da aka gani shi ne adireshin.

Akwai kuma ɗan mitsitsin hoto da ido ba ya gani, wanda ake cusawa don mai aikawa ya san an buɗe saƙonsa. Da shi ake kafa hujjar cewa HTML ya fi, tunda yana ba da lissafi. To, tun 2021 Apple ya fito da tsarin da ke janyo waɗannan hotuna da kansa ko mai waya bai karanta ba, don haka lissafin ya daina zama abin dogaro. Ma'aunin ɗan zoɓonmu shi ne mutum nawa suka amsa.

Ga yadda zan so ya yi. Ya rubuta wa kowane kamfani daban, da sunan jami'in idan ya samu. Jimla biyar ko shida sun isa: ko shi wane ne, daga ina zoɓon yake, tan nawa zai iya haɗawa a kaka, takardun da yake da su na fitar da kaya, sai tambaya guda, ko za su so a aiko musu da samfur. A ƙasa cikakken suna, adireshin ofis, lambar waya, da adireshin shafinsa guda ɗaya a rubuce yadda yake. Kada ya liƙa fayil a karon farko. Hotuna da jerin farashi su jira sai an nema. Ba dole sai ya kunna Plain text mode ba, wasiƙar da aka buga da hannu a Gmail ba tare da ado ba ta wadatar.

Sai dai kada a ɗauka cire ado shi kaɗai zai buɗe ƙofa. Abin da matatu suka fi dubawa shi ne ko wane ne mai aikawa da kuma tarihinsa. Idan da adireshin kamfaninsa yake aikawa, sai an saita masa shaidu uku, SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke tabbatar da cewa saƙon daga gidan da ya ambata ya fito. Gwajin mai sauƙi ne: ya aika wa kansa a Gmail, ya buɗe a kwamfuta, ya zaɓi Show original, ya ga ko an rubuta PASS a gaban kowanne. Daga Fabrairun 2024 Google ya wajabta duka ukun ga mai aika saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail, tare da hanyar fita daga jerin da latsawa ɗaya, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato uku cikin dubu. Wanda ya sayi jerin adireshi ya watsa wa mutanen da ba su nema ba, ko zalla ya rubuta, ƙorafi zai kai shi Spam.

Ado yana da ranarsa. Idan kamfanin Hamburg ya zama abokin ciniki, ya kuma yarda a riƙa aiko masa da farashin wata-wata, jadawali mai tsari da hoton sabon kaya za su taimaka masa, muddin muhimmin bayani yana cikin rubutu kuma an haɗa kwafin zalla. Amma mai karatu, idan gobe za ka rubuta wa wanda bai san ka ba, ka duba PASS ɗin nan uku tukuna, sannan ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa da sunanka da lambar wayarka a ƙasa.