Rabin Ƙwallon da Ke Raba Ci da Faɗi

Wanda ya saba da zaɓen wanda zai ci wasa kawai yakan yi turus in ya ga `-1.5` ko `Over 2.5` a allon shagon cacar ƙwallo. Ina aka taɓa cin rabin ƙwallo? Ba a ci. An sa rabin ne don kada a tashi canjaras: ko ka ci, ko kuɗinka ya tafi.

Mu duba wasan Faransa da Najeriya a gasar cin kofin duniya ta 2014, a Brasilia. Faransa ce ake sa ran za ta ci, saboda haka ribar zaɓenta kaɗan ce. Shi ya sa kamfanoni ke kawo `Handicap`, wato a ɗora wa mai ƙarfi bashin ƙwallaye tun kafin a busa usur. Wanda ya ɗauki Faransa a `-1.5` yana nufin sai ta ci da ratar ƙwallo biyu ko fiye. Wanda ya ɗauki Najeriya a `+1.5` kuwa, ko an ci ta da ƙwallo ɗaya, shi ya yi nasara.

Pogba ya ci da ka a minti na 79. Har aka shiga mintunan ƙari, mai tikitin Najeriya na kan cin kuɗinsa duk da ƙasarsa na shan kashi. Sai Joseph Yobo ya ci gida, aka tashi 2-0. Ƙwallon nan ba ta sauya wanda ya wuce zagaye na gaba ba, amma ta kifar da tikitin, domin ɗaya da rabi bai kamo biyu ba.

Shi kuwa `Over/Under` ba ruwansa da wanda ya ci, jimillar ƙwallaye yake ƙirgawa. `Over 2.5` na buƙatar uku zuwa sama, `Under 2.5` biyu zuwa ƙasa. A wancan wasa, mai `Under` ne ya dara.

Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne lamba marar rabi. Da Faransa `-2` ka ɗauka a `Asian Handicap`, uwar kuɗinka za a maido maka. A tsarin Turai mai zaɓi uku kuwa ka faɗi, don canjaras ɗin ma zaɓi ne mai zaman kansa. Sannan galibi minti 90 da mintunan ƙari kaɗai ake lissafawa. Ƙarin lokaci da bugun fenareti ba sa ciki.

Kada ganin zaɓi biyu ya sa ka ɗauka rabon adalci ne. A ce kowane ɓangare `1.90` ne. Mutum biyu sun zuba naira 1,000 kowanne, ɗaya `Over`, ɗaya `Under`. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya 1,900. A wannan farashi, sai ka ci kusan 53 cikin kowane tikiti 100 kafin ka maida uwar kuɗinka.