Manoman bogi, rumbun gaskiya: yadda ake gwada manhajar rabon taki

A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, gwamnatin tarayya ta fara rabon taki mai rangwame ta wayar salula. Manomi ya yi rajista, saƙo ya shigo masa, ya je cibiya ya karɓi buhu biyu a kan rabin kuɗi. Tun daga nan rajistar manoma ta zama ruwan dare a Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa. Yau ta gwamnati ce, gobe ta banki, jibi ta kamfanin iri. Kowace rajista tana da rumbun bayanai a kwamfuta, kuma kafin a saki manhajar da za ta yi rabon dole a gwada ta. To, da bayanan wa za a gwada?

Hanya mafi sauƙi, kuma mafi muni, ita ce a kwafi rumbun gaskiya a miƙa wa masu rubuta manhaja. Sunan manomi, lambar wayarsa, lambar NIN da inda gonarsa take, duk su koma kwamfutar ɗan kwangilar da bai taɓa taka ƙauyen ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce a yi amfani da bayanan mutum domin abin da aka karɓe su kawai, kuma manomi bai ba da lambarsa don a yi gwaji da ita ba. Akwai ma haɗari na kusa: in manhajar gwajin tana haɗe da na'urar tura saƙo, sai mutane na gaske su sami saƙon su zo karɓar takin da babu shi.

Sai wani ya ce a goge sunaye kawai. Wannan bai wadatar ba. A Amurka, Latanya Sweeney ta nuna cewa jinsi, ranar haihuwa da lambar yankin gidan waya sun isa a ware kashi 87 cikin ɗari na mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya, har ta zaƙulo bayanan asibitin gwamnan Massachusetts, William Weld, daga rumbun da aka cire wa sunaye. A karkarar arewacin Kano, wadda Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun shekarun 1960 saboda cunkoson jama'a da gonaki, abin ya fi haka sauƙi. Gona tana jingine da gona, kowa ya san wa ya gaji wace. In layi ya ce mace, mai shekara sittin da ɗoriya, gona huɗu, a mazaɓa kaza, yaron da ke tallan rake a kasuwar garin ma zai faɗa maka sunanta.

A ɗauka muna da rumbu mai tebur uku: na manoma, na gonaki, na rabo. Abin da ya ɗaure su shi ne lambar manomi. Aikin farko shi ne a sauya wannan lambar, amma sauyi iri ɗaya a ko'ina. In manomi mai lamba 4412 ya koma 9070 a teburin manoma, dole ya zama 9070 a sauran biyun, in ba haka ba gonaki su zama marayu, rabo ya rasa mai shi. Ana yin haka da lissafi mai mabuɗin sirri, kamar HMAC, a ajiye mabuɗin inda masu gwaji ba za su kai gare shi ba. Mabuɗin nan ba ado ba ne. Lambar wayar Najeriya goma sha ɗaya ce, farkonta kuma sananne ne, don haka in an murɗa ta ba mabuɗi, kwamfuta za ta iya bin lambobin duka ta gano ta asali. Gara ma a zubar da lambobin waya da na NIN gaba ɗaya, a ƙirƙiro sababbi masu tsawo iri ɗaya, a kuma toshe hanyar tura saƙo.

Sunaye kuwa a zaro su daga jerin da aka tanada, a haɗa na farko da na uba ba tsari. A nan ne masu son tsafta suke ɓata aiki. Suna cika rumbu da sunaye sumul, kowa da wayarsa, kowa da gona ɗaya, gwaji ya wuce lafiya, ranar rabo manhaja ta durƙushe. Rajistar ƙauye ba haka take ba. Mutum ɗaya Muhammadu ne a nan, Mamman a can, Mohammed a katinsa. Sa'adu da Mu'azu suna da alamar da ke karya umarnin SQL in an rubuta shi da ganganci, Ɗanladi da Ƙasimu kuma suna da haruffa masu lanƙwasa da kan koma alamar tambaya in ba a saita rumbun a kan UTF-8 ba. Mata uku da maigida suna iya ba da lambar waya ɗaya, wanda kuma ya sa dokar cewa lamba ba ta maimaituwa ya kori uku daga cikinsu. Dattawa da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Gona ɗaya tana iya fitowa sau biyu, mai ita ya yi rajista, wanda ya karɓi jinginarta ko aronta shi ma ya yi. Duk wannan datti shi ne abin da ake son gwadawa. Don haka a ƙirga yawansa a rumbun gaskiya, a dasa kwatankwacinsa a na bogi: in gida ɗaya cikin goma yana raba waya, na bogin ma ya zama haka.

Wurin gona ya fi komai wuya. Gusar da lambar taswira da digiri 0.001 mita ɗari da goma ne kacal, wato ka ɗauke mutum daga gonarsa ka jefa shi a ta maƙwabcinsa, wanda wataƙila ƙaninsa ne. Masu binciken lafiya na DHS kan gusar da ƙauye har kilomita biyar kafin su saki bayanai. Ga gwajin manhajar rabo, ni na fi son a jefar da ainihin wurin, a zaɓi sabon ɗigo ko'ina cikin iyakar mazaɓar. Hasarar da aka yi ita ce ba za a iya gwada rikicin iyakar gonaki da wannan rumbu ba, sai an zana gonakin bogi na musamman domin hakan.

Bayan an gama, a bincika ko an ɓoye mutanen da gaske. A mayar da shekaru rukuni na goma-goma, sannan a tambayi rumbun:

```
SELECT mazaba, jinsi, rukunin_shekaru, COUNT(*)
FROM manoma
GROUP BY mazaba, jinsi, rukunin_shekaru
HAVING COUNT(*) < 5;
```

Duk layin da ya fito rukuni ne mai ƙasa da mutum biyar, kuma ɗan gari zai iya cankar su. Sai a faɗaɗa rukunin, ko a cire su a maye gurbinsu da ƙirƙirarru. Mai gonaki ashirin a mazaɓar da kowa ke da biyu ko uku ba ya ɓoyuwa ko ta yaya, a cire shi kawai. Sai kuma gurbin ƙarin bayani, inda ma'aikacin rajista kan rubuta abu kamar ƙanin mai unguwa, bayan masallacin Juma'a. Tambayar sama ba ta leƙa wannan gurbin, shi ya sa ake share shi ɗungurungum tun kafin kwafin ya bar ɗakin da rumbun gaskiya yake.