ƘWAI GA MAI CIWON SUKARI

Uwargida, ko akwai mai ciwon sukari a gidanki? Ko ke ce? To ki sani ƙwai ba ya tā da sukarin jini, domin kusan babu sitaci a cikinsa. Ɓarnar tana zuwa ne daga man da aka soya shi, da abin da aka haɗa shi da shi.

GUDA NAWA?

Ƙwan kaza ɗaya a rana ya isa, wato kada a wuce 7 a mako. Idan na zabo ne, shi ma ɗaya. Gwaiduwa tana da kitsen da ake kira kwalastarol, ciwon sukari kuwa dama yana lalata hanyoyin jini. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda sai likita ya yanka masa adadi. Mai juna biyu ma ta ci, amma dafaffe sarai, ban da ɗanye.

DAFAWA TA FI SUYA

Ki dafa shi minti 10 bayan ruwa ya tafasa. Babban cokali ɗaya na mai ya fi ƙwan kansa sa ƙiba, ƙiba kuma tana hana maganin sukari aiki sosai. In suyar ta zama dole, ki auna man gyaɗa ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga ƙwai ɗaya. Kada ki tsiyaya daga kwalba. Ki bar man shanu da kitse da man da aka sha suya da shi. In ƙwan ya bar maiƙo kwance a faranti, mai ya yi yawa.

DA ME ZA A CI?

Dubi karin kumallo iri biyu. Na farko: soyayyen ƙwai 2, rabin burodi, shayi da sukari da madarar gwangwani. Sukari zai hau, amma laifin burodi da shayi ne.

Na biyu: dafaffen ƙwai 1, dafaffen wake ludayi ɗaya, kwaɗon zogale ko rama ba sukari, da tumatir da albasa, shayi tsura. Ganyen ya cika rabin faranti. Wake da ganye suna narkewa sannu a hankali, sukari ba ya hawa farat ɗaya.

Mai na'urar gwaji ta auna awa 2 bayan fara ci. Kada ya wuce 10, ko 180 a wasu na'urorin.

HATTARA!

Mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari kada ta karya da ƙwai kaɗai, sukarinta na iya faɗuwa. Alamunsa: rawar jiki, gumi, jiri, yunwa mai tsanani. Nan take a ba ta sukari ƙaramin cokali 3 a ruwa, sa'an nan ta ci abinci. Idan ta suma, kada a ɗura mata komai, a garzaya da ita asibiti.