Wasiƙar Koke Kan Esin da Aka Ɗaura Ba Daidai Ba

Wasiƙar koken da mai shago yake rubuta wa wanda ya ɗaura masa sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, wato iyakwandishan ko esi, takarda ce da take bayyana abin da ya lalace, ta nuna cewa daga ɗauri matsalar ta fito, sannan ta faɗi gyaran da ake nema da ranar da ake so a gama. Sashe na biyun shi ne ya fi wuya. Sabuwar na'ura tana iya ƙin sanyi saboda aibin da ta fito da shi daga kamfani, ko saboda raunin wutar lantarki, ko saboda aikin mai ɗauri, kuma kowanne da wanda alhakinsa yake kansa. Wasiƙar da ba ta bambance su ba takan ƙare da amsa guda, cewa laifin wuta ne ko na kamfani, a bar mai shago cikin zafi.

Yadda na'urar take da inda ɗauri yake ɓaci

Esin da aka fi sawa a shaguna mai gida biyu ne. Kan ciki yana manne da bango yana hura sanyi, kan waje kuma yana ɗauke da kwamfuresa da fanka, shi ne yake fitar da zafi. Bututu biyu na jan ƙarfe, siriri da kakkaura, su ne suke haɗa su, kuma a cikinsu gas ɗin sanyi yake zagayawa. Akwai tiyon da yake fitar da ruwa, akwai kuma wayar lantarki. Kamfani ne ya ƙera kawunan biyu, amma duk abin da yake tsakaninsu aikin hannun mai ɗauri ne, kuma a nan yawancin koke yake tasowa.

Matsalar da aka fi saurin gani ita ce ɗigar ruwa a cikin shago. Esi yana tatse laimar da take cikin iska, ruwan ya taru a wani ɗan kwami da yake ƙasan kan ciki, ya bi tiyo ya fita. A irin wannan na'ura ba abin da yake tura ruwan sai gangara. Idan aka kafa kan ciki a karkace, ko aka huda bango ramin ya haura sama maimakon ya sunkuya waje, ko tiyon ya lanƙwashe, ruwan zai cika kwamin ya zubo ta gaba. Tiyon da ya yi shekara yana aiki yana iya toshewa da ƙura, amma na kwana biyu bai kai ga haka ba. Saboda haka ɗigar da ta fara a makon farko kusan kullum tana nuni ga ɗauri, kuma ɗora lebur irin na magina a kan na'urar yana nuna karkatar nan take.

Matsala ta biyu ita ce zurarar gas, kuma ta fi ɓuya. Mai ɗauri yana buɗa bakin bututu ya ɗaure shi da noti. Idan bakin ya tsage, ko notin bai ɗauru sosai ba, ko an matse shi fiye da kima, gas zai riƙa fita a hankali. Alamarsa ita ce na'urar ta yi sanyi sosai a kwanakin farko, sannan sanyin ya riƙa raguwa. Sau da yawa ana ganin ƙanƙara a kan siririn bututu kusa da kan waje, da maiƙo a jikin noti, domin man kwamfuresa yana biyo gas ɗin. In aka shafa ruwan sabulu a mahaɗar, kumfa zai riƙa tasowa a inda take yoyo. Gas ɗin esi ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi, zagayawa kawai yake yi a rufe. Sabuwar na'urar da ta fara sanyi lafiya sannan aka ce tana bukatar ƙarin gas, to akwai inda take yoyo, kuma ƙara gas ba tare da toshe wurin ba ɗage matsalar ne zuwa wasu makonni.

Akwai kuma matakin da masu gaggawa suke tsallakewa. Kafin a saki gas cikin bututu, ana jona injin zuƙe iska ya janye iska da laimar da suke ciki, yawanci na minti 15 ko fiye. Idan ba a yi ba, na'urar tana iya yin aiki, amma sanyinta zai ragu, ta ƙara jan wuta, kuma laimar tana lalata kwamfuresa sannu a hankali. Wannan ba ya ganuwa bayan an gama aiki, don haka mai shagon da ya tsaya a wurin ya ga ba a zo da injin ba yana da hujjar da ya kamata ya rubuta.

Mazaunin kan waje shi ma yana da ƙa'ida. Yana bukatar kimanin santimita 30 tsakaninsa da bango ta baya, da sarari a gabansa. In aka cusa shi a lungu tsakanin shaguna biyu, zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar. A watan Afrilu, lokacin da zafi a Kano ko Sakkwato yake kai digiri 40, irin wannan na'ura takan ɗauke da tsakar rana, ta dawo bayan ta huce.

Abin da ake yi kafin a ɗauki biro

Mai shago yana fara kawar da abin da za a iya jingina wa laifin. Wutar Najeriya a ƙa'ida bolt 230 ce, kuma idan ta yi ƙasa sosai kwamfuresa ba ya tashi. Wannan ba laifin mai ɗauri ba ne. Gwada na'urar a kan janareto mai isasshen ƙarfi, ko a lokacin da wuta ta cika, yana raba gardama. Amma in waya ko makunni ne yake zafi, to mai yiwuwa an sa siririyar waya, ko an jona esin a layi ɗaya da firji, kuma wannan aikin mai ɗauri ne.

Daga nan sai awo. Ana kunna na'urar a mafi sanyinta, a rufe ƙofa, a jira minti 15 zuwa 20, sannan a auna zafin iskar da take shiga ta sama da wadda take fita ta baki. Lafiyayyar na'ura takan nuna bambancin digiri 8 ko fiye. A ɗauki hoton ɗigar, da ƙanƙarar, da kayan da suka jiƙe, a ajiye rasit da katin garanti. Kada a bari wani makaniki ya kwance komai kafin mai ɗauri ya zo ya gani, domin da zarar hannu na biyu ya shiga, na farko ya sami mafita, kuma garantin kamfani yana iya faɗuwa.

Misalin wasiƙa

A ɗauka mai kantin magani ne a Kano, shagonsa mita 4 ne a faɗi da mita 5 a tsawo, aka ɗaura masa esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Bayan adireshi da kwanan wata, zai iya rubuta haka:

"Assalamu alaikum, Injiniya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto ne game da esin da ka ɗaura mini a shago ranar 3 ga Afrilu, wanda na biya kuɗin aikinsa duka a ranar. Ga kwafin rasit nan haɗe.

"Tun ranar 5 ga wata ruwa yake ɗiga daga gefen hagu na kan ciki, alhali tiyon yana dama, kuma ya jiƙa katan biyu na magani. Na ɗora lebur na ga na'urar ta karkata hagu. Daga ranar 12 sanyi ya fara raguwa. Jiya na auna, iskar da take shiga digiri 33, wadda take fita 30. Akwai ƙanƙara a siririn bututu da maiƙo a notinsa. Na gwada a wutar gari da janareto, duk ɗaya ne. Ba wanda ya taɓa na'urar bayanka, kuma na kashe ta don kada kwamfuresa ya lalace.

"Ina roƙon ka zo kafin ranar 22 ga wata ka daidaita kan ciki, ka sake mahaɗar da take yoyo, ka zuƙe iska da inji, ka zuba gas gwargwadon nauyin da aka rubuta a jikin na'urar, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ina kuma neman mu zauna kan kuɗin maganin da ya jiƙe. In ka ga matsalar daga kamfani ce, ka rubuta mini haka don in kai wa dilan da ya sayar mini. Idan ranar ta wuce, zan kira wani ya gyara, in nemi kuɗin a wurinka. Na gode, Allah ya bar zumunci. Wassalam."

Kowace jimla a wasiƙar da aikin da take yi. Kwanakin suna nuna cewa matsalar ta biyo bayan ɗauri kai tsaye. Bambancin digiri 3 kacal ya maye gurbin cewa "ba ta sanyi", maganar da kowa zai iya musantawa. Gwajin janareto ya rufe ƙofar ɗora wa wuta laifi. Neman a rubuta in laifin kamfani ne adalci ne ga mai ɗauri, domin yana yiwuwa ya yi aikinsa daidai, kuma takardarsa za ta taimaka wajen neman garanti. Babu zagi ko zargin ha'inci a ciki, domin mutumin da aka ci wa mutunci kare kansa zai tsaya yi, ba gyara ba.

Iyakar abin da za a nema, da mataki na gaba

Wasiƙar tana da ƙarfi ne idan abin da ta nema yana da hujja. Gyara kyauta da kuɗin kayan da ruwa ya ɓata suna da ita, in akwai hoto da rasit. Neman sabuwar na'ura kan karkatar da za a gyara cikin awa guda ya wuce kima, sai dai in kwamfuresa ya riga ya ƙone. Haka nan idan na'urar ta yi wa shagon kaɗan, a duba wanda ya zaɓi girmanta. In mai shago ne ya sayo abinsa ba tare da shawara ba, ba zai ɗora wa mai ɗauri ba.

Ana miƙa wasiƙar hannu da hannu, mai ɗauri ya sa hannu a kwafi, ko a aika hotonta ta waya don ranar ta zauna a rubuce. In wa'adi ya cika shiru, matakin kusa shi ne maigidan da ya koya masa aiki, ko shugabannin ƙungiyar masu sana'ar, ko dilan da ya turo shi, domin sau da yawa kunyar waɗannan ta isa. Bayansu akwai hukuma. A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin samun aiki mai ingancin da mai hankali zai sa rai, kuma in aka gaza, yana iya neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Hukumar FCCPC ce take karɓar irin wannan koke, kotu kuma tana nan a ƙarshe. A duk waɗannan wurare, abin da za a fara tambaya shi ne ko an sanar da mai aikin, an kuma ba shi damar gyarawa, kuma kwafin wasiƙar ne yake tabbatar da haka.